Gyaran hotunan biki: wa mai ɗinki za ta ba aiki fata ba ta koma ruwan goro ba?

Idan kin ɗinka wa amarya leshi mai ruwan zinare, ango kuma ya sa farar shaddar da ta fito daga shagonki, hotunan bikin nan su ne tallarki. Sai dai hoton da aka ɗauka a ɗakin taro ƙarƙashin fararen fitilu yakan fito fari fat ko da ɗan shuɗi-shuɗi, ke kuma ruwan zuma kike so, irin hasken la'asar sakaliya. Matsalar ita ce fatar mutum, baƙi ne ko wankan tarwaɗa, dama a ɓangaren ruwan goro take a wajen manhajar gyaran hoto. Da an ƙara wa hoton rawaya, ita ce ke fara wuce gona da iri.

Masu gyaran hoto iri uku ne. Mafi araha shi ne mai gyara a waya, wanda zai ɗora filta ɗaya a kan hotuna duka. Yana da sauri, kuma idan a waje aka yi hoton da rana, wani lokaci ya wadatar. A ɗakin taro kuwa ban ba ki shawara ba. Filta ba ta san fuska ba, ba ta san shadda ba: amarya ta fito kamar an shafa mata manja, farar shaddar ango ta koma ruwan madara.

Na biyu shi ne mai aiki da manhajar Lightroom wanda ke gyara hoton gaba ɗaya da hannu. Zai ɗan matsa Temp, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto rawaya ko shuɗi, zuwa dama, misali daga 4200 zuwa 4600 idan hoton RAW ne, wato ɗanyen hoto yadda kamara ta ɗauko shi, sannan ya shiga Color Mixer ya rage Saturation na Orange, wato ƙarfin launin ruwan goro, da kamar 10 ko 15. Fata za ta dawo hayyacinta. Amma fa ke mai ɗinki ce, a nan za ki yi asara, domin leshin zinaren da jan lallen hannun amarya da sarƙar wuyanta duk suna da rabo a wannan Orange ɗin. Abin da ya cire wa fuska, ya cire wa kayanki. In kuma hannunsa ya yi nauyi, baƙar fata sai ta yi toka-toka, wanda a ganina ya fi ruwan goron muni. Wannan hanya ta dace da kaya kore ko shuɗi, shi ma shuɗin a sa masa ido, don yakan dushe idan rawaya ta yi yawa.

Na uku, wanda ya fi tsada saboda hoto ɗaya-ɗaya yake bi, shi ne mai ware fata daban. Da Masking, wato ware wani ɓangare na hoto don a gyara shi kaɗai, a Lightroom ko a Photoshop, zai zaɓi bango da labule da fitilu ya ba su ruwan zuman, ya bar fata da shadda kusan yadda suke. Ba sai kin ba shi hoto ɗari ba. Ki tsamo biyar ko shida da suka nuna aikin wuya da hannun riga, ki biya kuɗinsu, sauran su tafi wajen na biyu.

Ko wanne kika zaɓa, kada ki tsaya a "ka sa su yi kyau". Ki rubuta masa kamar haka:

"Salamu alaikum, Malam, ya aiki? Ga hotuna shida na turo. Don Allah ruwan zuma nake so a bango da hasken ɗakin, amma fatar amarya ta tsaya yadda take, kada ta yi ja. Shaddar ango fara ce sol, a bar ta fara. Ga hoton ƙyallen leshin da na ɗauka a inuwa da rana, ka bi launinsa. Ka fara yi min guda ɗaya in gani kafin ka ci gaba."

Ki roƙi mai ɗaukar hoton ya ba da RAW in yana da shi, don JPEG ba ya jure gyaran launi sosai. A WhatsApp kuma ta Document za ki tura, ba ta hanyar hoto ba, don kada a matse shi.

Idan samfurin ya zo, ki fara kashe Eye comfort shield ko Night Shift a wayarki, saboda suna ƙara wa allo rawaya, sai ki ɗora wa mai gyara laifin da ba nasa ba. Daga nan kada ki kalli fuska ita kaɗai, tunda ta sha hoda. Ki haɗa ta da wuya da bayan hannu, ki ga ko launinsu ya zo ɗaya. Ki duba farin ido da haƙora: in sun yi rawaya, Temp ya yi yawa. Sannan ki ajiye ragowar ƙyallen kusa da allon wayar. In launin bai yi daidai ba ki mayar masa, domin mai sayen da ta gani a hoto, wannan launin za ta ce ki nemo mata a Kantin Kwari.