Sharhi kan Archer C6: rauta biyu a gida ɗaya, da yadda Access Point ya gyara min lamarin

Jama'a duk mai rauta biyu a gida ya tsaya ya karanta wannan. Rautar da kamfanin intanet suka sa mana a falo take, waifai ɗinta baya kaiwa sashen baya saboda katangun bulo, shi ne na sayo TP-Link Archer C6, yaron da ya ja mana kebul ya sa shi a ramin WAN nata ya tafi abinsa. Sigina kam ta cika taf, amma sai wasu abubuwa suka fara ba ni haushi, kiran bidiyo a WhatsApp yana daɗewa kafin ya haɗu kuma yana yankewa, PlayStation ɗin ƙanena na nuna NAT Type 3 gem ɗin onlayin baya shiga da daɗi, sannan firinta da ke kan rautar falo laftof ɗina ya daina ganinta kwata-kwata in ina sashen baya.

Ashe abin da ake kira Double NAT ne. Kowace rauta aikinta ta karɓi adireshi ɗaya daga waje ta raba wa na'urorin gida nata adireshin na ciki, duk abin da zai fita sai ta canza masa adireshi ta rubuta a wajenta don in amsa ta dawo ta san mai ita, wannan aikin shi ne NAT. To in ka jona ta biyu ta WAN ita ma haka za ta yi, sai gidanka ya zama netwok biyu, kamar gida mai zaure biyu kowanne da mai gadinsa, baƙon da ya wuce na farko na biyu bai san da zuwansa ba. Ta falo tana raba 192.168.100.x, ita kuma Archer tana raba 192.168.0.x, shi ya sa firinta ta ɓace min.

Ganewa ba wuya. Ka shiga shafin rauta ta biyu ka duba adireshin da ke wajen WAN ko Internet, in ya fara da 192.168 ko 10. ko yana tsakanin 172.16 da 172.31 to bayan wata rautar take. Ko a Windows ka rubuta:

```
tracert 8.8.8.8
```

Ni layi na farko 192.168.0.1 ya ba ni, na biyu 192.168.100.1, kaga rauta biyu kenan a jere kafin ma a fita gida.

Gyaran kuwa a nan Archer ta burge ni wallahi, don ba sai ka yi ta kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Na shiga tplinkwifi.net, a ƙarƙashin Advanced na nemo Operation Mode na zaɓi Access Point, ta mutu ta tashi, shikenan. Yanzu ta daina NAT, rautar falo kaɗai ke raba adireshi, ita aikinta kawai watsa waifai. Ka kashe waifai ɗin wayoyi ka kunna don su karɓi sabon adireshi. Kuma kar ka ruɗe in 192.168.0.1 ya daina buɗewa, adireshinta ya canza ne, ka duba jerin na'urori a rautar farko za ka ganta. In taka rautar ba ta da wannan zaɓin, ka kashe DHCP ɗinta wato saitin da ke raba adireshi, ka ba ta adireshi cikin irin waɗanda ta farko ke rabawa wanda ba kowa a kai, ka cire kebul daga WAN ka mayar LAN.

Bayan nan firinta ta dawo, PlayStation ya koma NAT Type 2, kira na haɗuwa nan take. Amma fa kar in yaudare ku, lambar da Speedtest ke nunawa kusan tana nan yadda take, don Double NAT ba ya cinye gudun saukar da abu sosai, abin da yake dagulawa shi ne duk haɗin da ke buƙatar a same ka kai tsaye daga waje, irin gem da kira da kyamarar tsaro. Sauran nauyin da nake ji daga waifai ne, rautocin biyu suna kan tasha ɗaya a 2.4GHz suna danne juna, na sa ɗaya a Channel 1 ɗaya a 11, a nan na ji bambanci.

Ku sani kuma a Access Point babu Parental Controls da QoS, wato saitin taƙaita wa yara intanet da na fifita wata na'ura wajen gudu, sai dai ka saita su a rautar farko. Masu rautar sim kuma ku duba WAN ɗinta ita ma, in adireshin yana tsakanin 100.64 da 100.127 to kamfanin ne da kansa ke yin nasa NAT ɗin, wannan ba a gida ake gyara shi ba, Access Point zai haɗe muku netwok ɗin gida amma gem na iya zama a Type 3, sai dai ku tambaye su ko suna ba da Public IP, wato adireshin da za a iya samunka da shi kai tsaye daga waje.