Ganawa ko fom: wanne ya fi fito da dalilin malamin da zai bar aiki?

"Assalamu alaikum. Ina da makarantar kuɗi a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, firamare da ƙaramar sakandare, malamai 24. A shekarar karatun da ta wuce shida suka ajiye aiki, kuma kowa cewa yake ba komai, uzuri ne ya taso. Wata ta ce in riƙa zama da duk mai tafiya, wani kuma ya ce in ba su fom su cike. Wanne ya fi, me zan tambaya, kuma ya zan yi da amsoshin?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan dole ne a zaɓi ɗaya, ganawa ta fi, amma da sharaɗi biyu: kada ke ko shugaban sashen malamin ku gudanar da ita, kuma kada a yi ta sai an biya shi haƙƙinsa an miƙa masa takardar shaidar aiki. Idan sharaɗin nan bai cika ba, fom ya fi ta, domin ko ba komai fom ba ya sa mutum kunya.

Abin da fom ya fi ƙarfi a kai shi ne daidaito. Kowa tambaya ɗaya yake amsawa, a tsari ɗaya, don haka a ƙarshen shekara za a iya jera takardun a ƙirga: mutum nawa suka ambaci albashi, nawa suka ambaci yawan darussa, nawa suka ambaci shugabanci. Ba ya cin lokaci, kuma ko a takarda aka yi shi ko a Google Forms aka tura ta waya, yana nan a ajiye. Rauninsa kuwa shi ne ba ya iya cewa "kamar yaya?" Malami zai sa alama a gaban "albashi" ya wuce, kuma ba za ki taɓa sanin ko ƙarancinsa yake nufi ba, ko jinkirin biya, ko yankan da ake yi masa, alhali waɗannan matsaloli uku ne dabam, kowacce da nata magani da nata tsada. Sannan kada a yaudari kai da rubuta "ba sai ka sa suna ba" a saman takardar. A makarantar da mutum ɗaya ne ke tafiya a wannan watan, kowa ya san mai rubutun, shi ma ya san an sani, don haka abin da zai iya faɗa a gabanki kawai zai rubuta.

Ganawa tana da abin da fom ya rasa, wato damar bin magana har tushenta, sai dai a ƙasarmu tana da babban cikas da ya kamata a yi la'akari da shi tun farko. Wanda ya ci gishirin wuri ba ya son ya fita da ɓacin rai, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda ƙarami ya dubi idon babba ya lissafa masa kurakuransa ba. Idan kika kira malama ofishinki ranar da za ta tafi, abin da zai faru sananne ne: za ta yi godiya, ta ce maigida ne ya ce ta huta, ta nemi a yafe mata, ke ma ki nemi ta yafe, a yi addu'a a rabu. Rabuwar arziki ce, kuma tana da kyau a yi ta, amma ba a samun bayani a cikinta. Ƙari a kan haka, Katsina gari ne da kowa ya san kowa. Malamar ta san wata rana mai wata makarantar zai iya tambayarki halinta a wurin biki ko ta'aziyya, don haka kare kanta take yi, ba ƙarya take shirya miki ba.

Shi ya sa wanda zai yi tambayar ya fi tambayar kanta muhimmanci. A nemi wanda ba ya cikin layin da ke ba malamin umarni, kamar dattijo daga kwamitin gudanarwa ko tsohon malami mai ritaya da ma'aikata ke ganin mutuncinsa, kuma mace ta gana da mata, domin akwai maganganun da malama ba za ta buɗe wa namiji ba ko da shekarunsa sun kai na mahaifinta. Lokaci ma haka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin wa'adin sanarwa mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai biyar ko fiye, kuma takardar ɗaukar aiki tana iya sa wa'adin da ya fi haka. Duk tsawon wa'adin, malamin yana ƙarƙashinki, albashinsa na ƙarshe yana hannunki. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a ba da gajeren fom a makon ƙarshe, sa'an nan bayan mako uku ko huɗu da tafiyarsa, lokacin da kuɗinsa ya shiga kuma ya zauna a sabon wuri, dattijon ya kira shi a waya ko ya same shi, su yi minti ashirin zuwa talatin. Idan ya ƙi, a ƙyale shi. Ba dole ba ce, kuma makarantar da ta riƙe haƙƙin mutum sai ya cike fom ta riga ta lalata amsar da hannunta.

Game da tambayoyi, wadda ta fi kowacce rashin amfani ita ce "me ya sa za ka tafi?", domin amsarta a shirye take tun ranar da ya rubuta takardar ajiye aiki. Wadda ta fi aiki ita ce: "Yaushe ka fara tunanin neman wani wuri, kuma me ya faru a wannan lokacin?" Dalilin da ya sa mutum ya karɓi sabon aiki dabam yake da dalilin da ya sa ya fara nema. Na farko yana hannun wata makaranta ko gwamnati, na biyu kuwa a cikin harabarki ya faru, kuma shi kaɗai kike da ikon gyarawa. Bayanta sai a tambaye shi ko ya taɓa kai kukansa ga wani kafin ya yanke shawara, da abin da aka ce masa, domin wannan ke nuna ko ƙorafi yana isowa gare ki ko yana mutuwa a teburin hedimasta. Sai a tambayi abin da aka gaya masa ranar ɗaukar aiki wanda ya tarar ba haka ba. Akwai kuma dabarar da ke sauƙaƙa wa mai kunya: maimakon a ce ya soki kowa, a ce masa, "Wanda zai gaje ka a ajin nan, me kake ganin ya kamata a gyara masa kafin ya fara?" Mutumin da ba zai iya cewa an zalunce shi ba zai iya ba da shawara don amfanin wani. Mai tambaya ya rubuta kalmomin malamin yadda ya faɗe su, kada ya kare makaranta, kada kuma ya yi alƙawarin da ba nasa ba ne.

Yanzu mu ɗauki shidanki a matsayin misali, mu ƙaddara yadda abin zai iya kasancewa. Shida cikin 24 kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A ce fom ya nuna huɗu sun zaɓi albashi, ɗaya ƙarin karatu, ɗaya uzurin gida. Wanda ya tsaya a fom zai ce a ƙara albashi, kuma ƙarin naira 5,000 ga mutum 24 naira 120,000 ne a wata, wato 1,440,000 a shekara. To, a ce da aka kira su, uku daga cikin huɗun suka ce tun zango na biyu suka fara nema, bayan an fara yanke naira 1,000 a kowace makara ba tare da an zauna da kowa ba, har ɗaya ya rasa 8,000 a wata guda, kuma wurin da ya koma bai fi naki biya da wani abin kirki ba. Mai uzurin gida kuma ta ce ta nemi a ba ta rabin awa da rana ta shayar da jaririnta, shugaban sashe ya hana. A nan hoton ya canza gaba ɗaya: mutum huɗu sun tafi a kan dokoki biyu da gyaransu ba ya cin ko kusa da waccan miliyan ɗin.

Amma kada a yi hukunci da maganar baki kawai, domin mai tafiya ma ɗan adam ne, yana iya ƙara gishiri ko ya huce haushinsa a kan wani. A buɗe takardun albashi a ga nawa aka yanke wa kowa da kuma ranar da kuɗi ya riƙa shiga. A duba jadawali a ƙirga darussan kowane malami a mako, a duba rajistar zuwa aiki, a kuma lura da sashen da masu tafiyar suka fito da tsawon zamansu. Idan biyar cikin shida daga sashe ɗaya suke, maganar shugabanci ce ko da babu wanda ya ambaci suna. Idan akasarinsu ba su cika shekara ba, a duba abin da ake faɗa musu wajen ɗauka. Ƙorafin mutum ɗaya a rubuta a ajiye, idan ya fito daga bakin uku da ba su haɗa baki ba kuma takardu suka gaskata shi, a ɗauki mataki. Wani lokaci kuma albashin ne da gaske. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a 2024, da wannan ma'aunin malamai ke auna abin da ake ba su, kuma wanda ya sami aikin gwamnati mai fansho babu tambayar da za ta tsayar da shi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran a tara: zargin cin zarafin ɗalibi, ko neman lalata da ma'aikaciya, ko taɓa kuɗin makaranta. Wannan ko daga bakin mutum ɗaya ya fito, bincike yake bukata nan take, kuma ya kamata mai tambaya ya sanar da malamin tun farkon ganawa cewa irin wannan ba za a iya rufe shi ba. Sauran bayanan kuwa amana ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin sanar da su abin da za a yi da su da kuma tsare su, don haka a ajiye rubutun a wurin da ke da mai tambayar kawai kuke isa, kada a kai wa hedimasta takardar da aka yi maganarsa a ciki. Ranar da aka ji a ɗakin malamai cewa "wance ta kai ƙarar wane kafin ta tafi", daga ranar duk mai tafiya godiya kawai zai yi.

Idan an gyara wani abu, a sanar da malamai 18 da suka rage da sababbin da aka ɗauka a taron farkon zango, ba tare da ambaton wanda ya faɗa ba: an dakatar da yankan makara sai bayan gargaɗi biyu a rubuce, an ware wa masu shayarwa lokaci. Sa'an nan a ɗauki tambayar nan ta "me ya kamata a gyara" a yi wa waɗanda suke nan sau ɗaya a zango, ta bakin dattijon nan, a kuma sake ƙirga masu tafiya sashe-sashe a ƙarshen zango na uku a kwatanta da shidan bara.