Na sayi dala a Wapa da safe, na mayar da ita da la'asar

Da za mu tafi Umara da mahaifiyata, wani abokin yayana ne ya haɗa ni da wani ɗan canji a Wapa, cikin Fagge a Kano. Sau uku na yi hulɗa da shi, kuma yanzu ina ganin zan iya faɗin yadda na same shi.

Tun kafin ka faka babur yaran dillalai sun kewaye ka, kowa yana "Alhaji, canji ne?" Na wuce su na shiga shagon. Ɗan ƙarami ne: tebur, injin ƙirga kuɗi, kalkuleta da wayoyi biyu da ba sa daina ƙara. Na tambaye shi nawa dala take. Bai ba ni amsa ba, sai ya ce, "Malam, saya za ka yi ko sayarwa?" Na ce saya. Ya ce 1,520. Na tura masa naira 1,520,000, ya jira har alat ya shigo, sannan ya ƙirgo mini 'yan ɗari-ɗari guda goma.

Da la'asar ejan ɗinmu ya kira, ya ce ragowar kuɗin masauki da naira za a biya shi. Dole na koma da dala 300. Kasuwa ba ta motsa ba, don a gabana ya sayar wa wata Hajiya a 1,520 ɗin nan. Ni kuwa ya danna kalkuleta ya juyo mini da ita: 1,505. Na ce, "Haba Alhaji, ɗazu fa ka sayar mini." Ya yi dariya ya ce, "In na karɓa yadda na ba ka, ni kuma da me zan yi cefane?" A 'yan awoyi na bar naira 4,500 a teburinsa, kuma raina ya sosu a lokacin.

Sai daga baya na zauna na yi lissafin. Ɗan canji ba ya cewa ka biya shi ladan aiki daban. Ladan yana cikin farashin. Dala haja ce a wurinsa, kamar shadda a Kwari: ya saro ta a hannun wanda ɗansa ya aiko masa daga waje a 1,505, ya sayar wa matafiyi a 1,520. Naira 15 ɗin tsakiya ita ce tasa, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, in an ce farashin saye, sayen ɗan canji ake nufi, ba naka ba. Shi ya sa kullum kai ne ke karɓar ƙaramin in ka kawo, ka biya babban in ka zo nema.

Naira 15 ba ta sayen ko ruwan leda a wasu wuraren, to ina ribar? Tana cikin juyi. A ce jarinsa dala 5,000 ne. In ya saya ya sayar da ita gaba ɗaya sau ɗaya, ya samu naira 75,000. In kasuwa ta yi kyau ya juya ta sau uku kafin magariba, 225,000 ke nan. A ciki zai sallami dillalin da ya kawo ciniki, ya biya haya da yaran shago da cajin banki. Amma ga inda gizo ke saƙar: in ya kwana da dala 5,000 ɗin nan a hannu, gari ya waye dala ta sauka da naira 50, ya yi asarar 250,000, fiye da duk abin da ya tara jiya. Wannan ba zance ba ne kawai. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta faɗo kusa da 1,100. Duk wanda ya cika jaka a farashin sama ya ji a jikinsa. Saboda haka ranar da kasuwa ke rawa, ɗan canji yakan buɗe tazarar sosai, ya rage farashin da zai saya ya ƙara farashin da zai sayar, don ya kare kansa. Ranar da ta lafa kuwa tazarar takan tsuke, tunda in ya matsa maka, shago na gaba taku biyar ne. Babban Bankin Najeriya ma ya san da wannan riba: da ya sayar wa 'yan canji masu lasisi dala a 1,301 a ƙarshen Fabrairun 2024, cewa ya yi kada su ɗora fiye da kashi ɗaya cikin ɗari.

Zuwana na uku ne ya fi koya mini darasi. Mun dawo da ragowar riyal 600 da dala ɗari guda. Riyal yana ɗaure da dala, 3.75 ne a dala ɗaya, don haka na lissafa tun a gida cewa ya kamata ya kama wajen naira 400. Ya ce 380 zai saya. Na tambaya nawa yake sayarwa, ya ce 410. Tazarar naira 30 ke nan a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya bisa uku na dala ba, sama da kashi bakwai cikin ɗari. Dalilinsa shi ne, kowa dawowa yake yi yanzu, masu kawo riyal sun fi masu nema, kuma riyal ɗin da na kawo yawanci 'yan biyar-biyar da goma-goma ne. Zai iya ajiye su makonni, jarinsa a kwance, alhali dala ba ta yini a durowarsa. Na karɓi naira 228,000. Da na mayar da riyal ɗin dala tun a can, wajen dala 160 ne, wanda a 1,505 zai ba ni 240,800, ko da yake can ma mai canjin zai ɗan yanki nasa. Wannan ban ga laifinsa ba.

Inda na ga laifinsa a kan dala ɗarin ne. Ya ɗaga ta ya ce ƙaramin kai ce, tsohon bugu, ba shuɗiyar da aka fitar a 2013 ba, don haka 1,450 zai saya. Gaskiya ne cewa ana ragewa tsohuwar takarda kuɗi, haka mai tabo ko yagewa, haka ƙananan takardu irin 'yan dala ɗaya da biyar, domin shi ma wanda zai kai wa zai rage masa. Amma takardar nan daga hannunsa ta fito, tana cikin goman da ya ƙirgo mini a cikakken farashi, ni ne ban duba ba. Da na tuna masa, ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce to a bar ta 1,490. Na karɓa, amma abin bai yi mini daɗi ba.

Ban da wannan, mutumin yana da kirki. Takardunsa duk sun wuce a Makka ba tare da an dawo da ko ɗaya a matsayin jabu ba, tura kuɗinsa ba ya jinkiri, kuma ba ya canza magana bayan an daidaita. Na lura kuma wanda ya kawo dala dubu biyar yana samun ƙarin naira biyu ko uku a kan mai ɗari biyu, in ya iya ciniki.

Zan koma wurinsa. Sai dai yanzu in na shiga ya ce saya ko sayarwa, ina ce masa ya faɗa mini duka biyun tukuna, kuma ina duba kan kowace takarda ɗaya bayan ɗaya kafin in tashi daga benci.