Sharhi kan faifan Abbey Road, bugun 2019

Wannan faifai na ƙungiyar Beatles ya fara fitowa a Ingila ranar 26 ga Satumba, 1969. Wanda ke hannuna shi ne sabon bugun da aka yi a 2019, lokacin da albam ɗin ya cika shekara hamsin. Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi furodusan albam ɗin na asali, shi ya sake haɗa sautin daga tef ɗin farko. Baƙin faifai ne mai faɗin inci 12, mai nauyin giram 180, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Na daɗe da sanin waƙoƙin nan a waya, don haka ba waƙa na je saye ba. So nake in ji su a kan abin da aka tsara su dominsa, kuma a nan ne na ga kuɗina bai tafi a banza ba.

Bari in fara da kayan kansa, don ba shi da dogon bayani. Kwalin mai kauri ne, hoton nan na mutum huɗu suna tsallaka titi ya fito tas. Nawa ya iso da ɗan lanƙwasa a baki, da alama ya sha zafi a hanya ko an jingine shi a karkace a shagon da na saya. Idan ka tsuguna ka daidaita idonka da faifan yana juyawa, za ka ga hannun allura na ɗagawa yana sauka kaɗan a kowane zagaye. Bai kai ga sa allura tsalle ba, sai na haƙura. Sautin bes da ganguna ya fi fitowa fili a wannan haɗi fiye da yadda na saba ji, muryoyin nan uku na "Because" kuma sun buɗe sosai. Wanda kunnensa ya saba da haɗin 1969 zai iya cewa an ɗan yi wa abin kwalliya, ni dai ban ji an taɓa wani abu da ya canza waƙa ba.

Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne ƙarshen gefen farko. Waƙar da ta rufe shi, "I Want You (She's So Heavy)", tana gab da cika minti takwas. Minti ukun ƙarshe babu murya ta waƙa, jita ce ke maimaita zubi ɗaya, ana ta ƙara mata nauyi, ga wata ƙara kamar ta iska mai ƙarfi tana tasowa daga na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Moog. Kana jiran a rage sauti a hankali kamar yadda aka saba, sai kawai kiɗan ya yanke a tsakiyar zubi. John Lennon, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ya ce wa injiniya Geoff Emerick ya datse tef ɗin a daidai wurin. A waya, kana jin yankewar sai ga "Here Comes the Sun" ta shigo, abin sai ya zama kamar kuskure ne aka yi wajen jera waƙoƙi. A faifai kuwa babu abin da ke biyo baya. Allura ta gangara layin ƙarshe tana ƙwas, ƙwas, kai kuma kana zaune. Dole ka tashi, ka ɗaga hannun allura, ka juya faifan, ka goge ƙura, sannan ka sauke ta. Wannan rabin minti da ka ɓata kamar yana cikin lissafinsu. Waƙar George Harrison mai sanyi da ta buɗe gefe na biyu tana samunka ne bayan kunnenka ya huta.

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san juya gefe. Bambancin shi ne, a faifai tsawon gefen ba a hannun mawaƙi yake ba. Kafin 1948 faifan garmaho mai juyi 78 ne ke kasuwa, kuma gefensa ɗaya minti uku ne zuwa biyar, gwargwadon faɗinsa. A watan Yuni na 1948 kamfanin Columbia a Amurka ya fito da dogon faifai, wanda ake kira LP, mai siraran layuka da juyi a hankali, gefe ɗaya ya kai wajen minti 22. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45, waƙa ɗaya a kowane gefe. Kasuwa sai ta rabu: dogon faifai ya tafi wajen masu kiɗan gargajiyar Turai da jaz da waƙoƙin wasan dandamali, matasa masu son rok kuma suka riƙe ƙaramin, don shi ne daidai aljihunsu kuma shi gidajen rediyo ke sakawa. Sama da shekara goma albam ɗin mawaƙin rok ba wani abu ba ne illa waƙa biyu ko uku da suka yi kasuwa, a cike sauran da abin da ya samu.

Su kansu Beatles da haka suka fara. Albam ɗinsu na farko, Please Please Me na 1963, waƙa 14 ne, bakwai a kowane gefe, kuma goma daga ciki an ɗauke su ne a yini ɗaya, ranar 11 ga Fabrairu. A Amurka ma kamfanin da ke buga musu yakan rage waƙoƙi daga albam ɗin Ingila, ya haɗa ragowar ya fitar da wani albam daban, saboda a wurinsa jeri ba shi da wata ma'ana. Sai daga Sgt. Pepper na 1967 aka daina taɓa musu jeri, albam ɗin da aka haɗe wasu waƙoƙinsa baki da baki, ba inda za a sa almakashi. Tsakanin 1963 da 1969 shekara shida ce kacal, amma mawaƙin da a da yake tunanin minti uku ya koma tunanin minti ashirin da wani abu, sau biyu: me zai buɗe gefe, me zai rufe shi, me zai sa mutum ya ga ya dace ya tashi ya juya.

Gefe na biyu na Abbey Road shi ne inda wannan tunani ya fito ƙarara. Bayan waƙa biyu cikakku, sai jerin gutsattsari takwas da aka ɗinke, wajen minti 16 gaba ɗaya, daga "You Never Give Me Your Money" zuwa "The End". Da yawansu waƙoƙi ne da ba a gama rubutawa ba. "Mean Mr. Mustard" da "Polythene Pam" kowacce minti ɗaya ce da 'yan daƙiƙoƙi, ba wanda zai buga su a ƙaramin faifai. A tsarin da, ko dai a ƙara musu baiti su kai minti uku, ko a watsar. Dogon gefe ya ba su hanya ta uku, wato a bar guntu a guntunsa, maƙwabcinsa ya ɗauke shi. Har rubutun ma ya bi jerin: Lennon ya canza sunan 'yar'uwar mutumin da ke cikin "Mean Mr. Mustard" ya mai da shi Pam domin ya haɗu da waƙar da ke biye. Can kusa da ƙarshe, a cikin "Carry That Weight", ƙahonni suka dawo da karin waƙar da ta buɗe jerin. Wanda ya tsinci waƙar ita kaɗai a waya ba zai san an dawo da wani abu ba, sai wanda ya zauna tun daga farko, minti goma sha da suka wuce.

Akwai kuma "Her Majesty", mai daƙiƙa 23. Asalinta tana tsakanin waɗancan gutsattsari biyu na Lennon. Paul McCartney ya ji gwajin haɗin bai gamsu ba, ya ce a cire. Mataimakin injiniya John Kurlander, da yake an hana su zubar da duk abin da ƙungiyar ta ɗauka, sai ya liƙa guntun a ƙarshen tef bayan ɗan fili. Suka ji, abin ya yi musu, suka bar shi. Shi ya sa take farawa da bugu mai ƙarfi, wanda ƙarshen "Mean Mr. Mustard" ne da almakashi ya haɗo da shi. A kwalin farko na 1969 ba a ma rubuta sunanta ba. Gaskiya ni na fi son a ce albam ɗin ya tsaya a "The End", amma a faifai na fahimci abin da ya burge su: ka riga ka miƙe za ka ɗaga allura, sai kiɗa ya tare ka.

Yanzu ga iyakar faifan, wadda mai saye ya kamata ya sani. Juyin ba ya canzawa, amma zagayen yana ƙanƙancewa yayin da allura ke shiga ciki. A bakin faifai layi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da takardar tsakiya kuwa bai fi 20 da ɗan kai ba. Kiɗan daƙiƙa ɗaya ke nan ana cusa shi a ƙasa da rabin wurin da ya samu a farko, kuma siraran sautuka su ke fara wahala. Wannan ne dalilin da ya sa a albam da yawa na wancan zamani waƙa mai zafi ke buɗe gefe, mai sanyi ta rufe. Haka nan bes mai ƙarfi yana cin wuri, don layinsa ya fi karkacewa, kuma idan gefe ya yi tsawo dole mai yanka faifan ya rage ƙarar sauti. Gefen farko na Abbey Road ya haura minti 24, sannan waƙa mafi nauyi a albam ɗin ita aka ajiye a can ciki, inda faifai ya fi rauni. Wato sun taka wannan doka ke nan.

Saboda haka wannan faifai gwaji ne ga na'urarka. Kada ka yi hukunci da ƙarshen "I Want You", don ƙarar iskar da ke ciki da gangan aka saka ta, ba za ka iya raba ta da laifin allura ba. Saurari farkon waƙar, inda murya da faifan ƙarfen mai ganga suke a fili, sannan ka kwatanta da "Come Together" da ke bakin faifai. Idan harafin "s" a bakin mawaƙi ya fara tsatsa, ko ƙarfen ya koma kamar ana yayyafa ruwa a mai mai zafi, to allurar ce: ko ta ci, ko ba a daidaita zamanta ba, ko nauyinta bai kai ba. Yawancin allurai na gida suna son nauyin wajen giram 2, amma a duba takardar da ta zo da taka. Rage nauyi ba tausaya wa faifai ba ne, allura marar nauyi tana karo da bangon layi ta cinye shi. A lokacin hunturu kuma sai ka goge kowane gefe kafin ka saka, in ba haka ba ƙura ta taru a bakin allura tun kafin ta kai waƙa ta uku.

Wa zan ce ya saya? Ba zan ce maka faifai ya fi waya tsabtar sauti ba, domin bai fi ba, ga shi yana son ajiya a tsaye, a inuwa, nesa da taga. Idan ba ka da na'ura, kada ka saye ta don albam ɗaya. Ka kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, ka saurari shida na farko, ka tsayar, ka ɗan zagaya, sannan ka saurari sauran ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Wanda yake da na'ura kuwa, kuma allurarsa na da lafiya, wannan bugu ya cancanci kuɗinsa. Ka dai ciro faifan a gaban mai shago, ka ɗaga shi daidai ido ka duba bakinsa kafin ka biya.