Shekara biyu ina karɓar kuɗin talla a YouTube: abin da na gani

Tashata ta girki ce, masa da alkubus da dambun shinkafa da makamantansu, kuma da waya nake ɗauka a kicin ɗina. Tun da aka fara biyana, duk wadda muka haɗu a biki sai ta ja ni gefe ta tambaye ni nawa ake ba mutum a kallo dubu. Amsar da nake bayarwa ba ta yi musu daɗi: babu tsayayyen farashi, ni kaina sai wata ya ƙare nake sanin abin da na samu.

Kafin a fara raba kuɗin talla da ke, sai kin tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka gabata, ko kuma kallo miliyan 10 na Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, cikin kwana 90. Mabiyan ba su ba ni wahala ba, 'yan uwa da ƙawayen zumunta sun cika min su. Awannin ne suka gasa min aya a hannu. Na ɓata wata huɗu ina zuba gajerun bidiyo, kallo na ta hauhawa ina murna, ashe lokacin da ake kallon Shorts a jerinsu ba ya shiga lissafin awa 4,000 ɗin. Laifina ne, a rubuce yake ban karanta ba. Ga shi kuma lissafin tafiya yake: awannin da suka haura wata 12 zubewa suke yi. Sai da na koma bidiyo mai minti goma zuwa sha biyu, ina nuna kwaɓi tun daga jiƙa shinkafa har suya, sannan ƙofa ta buɗe.

Bayan nan sai AdSense, asusun Google da ake biyan kuɗin tallan ta cikinsa. Idan kuɗi ya kai dala 10 ana aiko da PIN a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi, kuma ba a biya sai abin da ya taru ya kai dala 100. Biyan yana fita tsakanin 21 da 26 ga watan da ke biye. Kason mai tasha kashi 55 cikin ɗari ne a dogon bidiyo, 45 a Shorts.

Abin da ya fi koya min darasi shi ne Disamba da Janairu na shekarar farko. A Disamba an kalle ni kusan sau 200,000, RPM ɗina, wato abin da ke shigowa aljihuna a kowane kallo dubu, ya kai santi 90, na tashi da dala 180. A Janairu kallo ya ƙaru zuwa 230,000, har na fara cinikin sabuwar tukunyar gas a raina. RPM ya sauko santi 40, kuɗin ya tsaya a dala 92. Bai kai 100 ba, don haka Fabrairu ya wuce ban ga ko sisi ba, sai a Maris aka haɗa min da na gaba. Maigida ya ce, "Hajiya, ko an rufe tashar ne?"

Ba a rufe komai ba. Masu talla gwanjo suke yi a kan idon mai kallo. Ƙarshen shekara kamfanoni na rige-rigen sayar da kaya, farashi ya tashi. Janairu su ɗaure bakin jaka. Dalili na biyu na gan shi ne a YouTube Studio, wurin da ke nuna ƙasashen masu kallo. A Disamba bidiyon dambu ya shiga hannun Hausawa mazauna Ingila da Amurka da Saudiyya, inda talla ke da tsada. Ƙarin kallon Janairu kuwa kusan duk daga gida ne, inda ake biyan kaɗan, wani kallon ma ba a saka masa talla sam. Shi ya sa na daina duba CPM, domin wannan kuɗin da mai talla ya biya ne kafin a raba, ba nawa ba.

Akwai kuma harajin Amurka da ake cirewa daga kuɗin masu kallon can, kashi 30 ga mu 'yan Najeriya, ga canjin dala da ke sa kuɗi ɗaya ya zama naira daban kowane wata. Abu ɗaya da ke hannuna shi ne tsawon bidiyo: idan ya kai minti 8 ana iya saka talla a tsakiya. Ni guda ɗaya nake sakawa, daidai lokacin da ƙullu ke jiran tashi.

Tsarin yana biya, kuma lissafinsa a buɗe yake, kowane bidiyo da abin da ya kawo. Amma ban taɓa ɗora kuɗin makarantar yara a kansa ba. Odar masa da alkubus da masu kallo ke yi min ranar Juma'a ita ke riƙe da cefane, kuɗin talla kuwa data da gas yake saya, a wata mai kyau har da turmin atamfa.