Tsakanin madubin hangen nesa mai baki milimita 60 da mai milimita 114

"Ina son in saya wa ɗalibaina a Samaru madubin hangen nesa don su ga wata. Akwai mai baki milimita 60 da aka rubuta 525x a kwalinsa, akwai kuma mai milimita 114 da ya fi tsada amma 150x kawai aka rubuta. Wanne ya fi nuna abu sarai?"

Malam, ka ɗauki mai milimita 114, kada lambar ninkin girma da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Irinsa nake da shi, kuma daren da na fara kafa shi a tsakar gidanmu a Tudun Wada, bayan ruwan damina ya wanke sama, na ga bakin ramukan wata da inuwarsu kwance a gefe kamar an zana da alƙalami, har maƙwabcina ya koma gida ya kirawo iyalinsa. Ƙaramin kuwa shi na fara saye, na kuma yi nadama, domin da zarar na wuce ninki ɗari sai wata ya zama kamar hoton da ya jiƙe.

Dalilin yana cikin halittar haske kansa. Haske yana tafiya ne zango-zango kamar igiyar ruwa, kuma idan ya ratsa ta zagayayyen baki sai ya ɗan bazu daga gefen bakin. Saboda haka tauraro ba ya fitowa a matsayin ɗigo tsantsa, sai dai ɗan faifai mai haske da zobba dishi-dishi kewaye da shi, wanda masanin taurari George Airy ya yi lissafinsa a 1835. Idan abubuwa biyu suka kusanci juna har faifansu ya hau kan juna, sun zama ɗaya ke nan, kamar fitilun motar da ke tahowa daga nesa da dare a hanyar Kaduna, waɗanda sai ta matso ake gane biyu ne. Ma'aunin Rayleigh shi ke faɗin inda iyakar take:

```
θ = 1.22 λ / D
```

A nan θ ita ce mafi ƙanƙantar kusurwar da madubi zai iya rabewa, a ma'aunin radiyan da ake mayarwa sakan, λ tsawon zangon haske ne, D kuma faɗin baki. Ka lura cewa ninkin girma ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Idan muka ɗauki koren haske mai tsawon zango nanomita 550, inda nanomita ɗaya yake kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, baki mai milimita 60 yana tsayawa a wajen sakan 2.3 na kusurwa, mai 114 kuma yana sauka zuwa wajen 1.2 (sakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri). Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, don haka ƙaramin ba zai rabe duwatsu biyu da ke tsakaninsu ƙasa da kilomita 4.3 ba, alhali babban zai rabe masu tazarar kilomita 2.3. Duk ninkin da ka ƙara bayan nan, dishin kawai kake faɗaɗawa.

Masu wannan harka suna ninka faɗin baki sau biyu su sami iyakar girman da ke da amfani, wato 120 ga ƙaramin, wajen 230 ga babban. Ka ga ke nan 525x ɗin yaudara ce, shi kuwa mai 150x gaskiyarsa ya faɗa, har da ragi.

Haka abin yake idan wata rana makaranta za ta sayi madubin duba ƙwayoyin cuta. Lambar da za a duba ita ce wadda aka zana a jikin gilashin da ke kusa da samfur, kamar 0.65 ko 1.25, wadda ke nuna faɗin hasken da yake tattarawa. Mai 1.25, da ake ɗiga wa mai, yana rabe abubuwa masu tazarar wajen nanomita 270, kuma amfaninsa yana ƙarewa a wajen ninki 1,250, komai 2000x da mai kaya zai rubuta.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa a wannan sha'ani, domin wasu ƙananan madubai ana saka musu zobe a bayan gilashin gaba don a ɓoye aibinsa, sai ainihin bakin da haske ke bi ya gaza abin da aka rubuta. Ka tafi da rula da tocila, ka auna gilashin, ka kuma haska ciki ka duba kafin ka biya.

Mai milimita 114 madubai ne a cikinsa masu mayar da haske, kuma jijjigar mota tana goce su, don haka sai ka riƙa daidaita su. Ka fuskantar da shi ga tauraro mai haske, ka ɗan murza abin gyara hoto har ya yi dishi: in zobban sun fito zagaye daidai, lafiya lau, in sun karkata gefe guda, a gyara. Ka fitar da shi waje rabin sa'a kafin a fara kallo don ya huce, kada ka duba ta saman rufin kwano da ya sha rana, domin hucinsa yana sa hoto rawa, sannan ka rufe bakinsa sosai a lokacin hunturu saboda ƙura.