Sharhi kan mushen lissafi da ke gyara wa yara tambayoyi ta WhatsApp

Wata biyu ke nan da na sa ɗiyata, mai shirin jarabawar BEPC, wurin wani mushen lissafi a nan Maradi. Jaka biyu ne a wata: yaro ya ɗauki hoton tambayoyi ya tura, shi kuma ya maido da gyara. Abin da ya sa na yarda da aikinsa shi ne yadda yake yi da hoton da bai fito cikakke ba.

Ran nan ta tura masa shafi mai tambayoyi biyar, gefen dama da saman takardar sun yanke. Ya amsa ta ɗaya, ta uku da ta biyar, ya ƙi taɓa sauran biyun.

Ta huɗu, abin da ake gani kawai shi ne `3x + 5 = 2`, daga nan hoton ya ƙare. Ni da na duba, cewa na yi ai ga ta nan cikakkiya. Ya ce, "Alhaji, ba mu san abin da ke bayan wannan 2 ɗin ba." In 2 ce ita kaɗai, amsa `x = -1`. In 20 ce, `x = 5`. In kuwa `2x + 9` ne, sai ta koma `x = 4`. Kowacce za ta fito tsaf, yarinya ta kwafe ta hardace, alhali wataƙila ba ita aka tambaya ba. Alamar da yake dubawa mai sauƙi ce: sauran layukan duk sun ƙare da makin da aka rubuta a gefe, sannan farin fili ya biyo baya, wannan kuwa babu ko ɗaya.

Ta biyu ta fi ba ni mamaki, don kowane harafi nata yana fitowa sarai. Sai dai tana cewa a yi amfani da jadawalin da ke sama, jadawalin kuma rabinsa ya tafi.

Ta biyar kuwa zanen ne ya yanke, amma ya amsa, domin rubutun ya faɗi komai: alwatika ABC mai kusurwar digiri 90 a A, `AB = 3`, `AC = 4`, a nemo BC. Da ƙa'idar Pythagore, 9 da 16 sun ba da 25, wato `BC = 5`. Zanen bai ƙara wani abu ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne jinkiri. Sai bayan isha'i ya ce a sake hoto, lokacin an ɗauke wuta, takardar kuma tana wajen ƙawarta. Da ya faɗa tun da rana, da an gama. Yanzu sharaɗinsa shi ne kusurwoyi huɗu na takardar su fito a hoton, in littafi ne kuma a danne tsakiyarsa, don nan ne layuka ke lanƙwashewa su ɓace.